Wasiƙar malamin aji kan sabon katin sakamako

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Malamin ajin 'yata ya aiko da wasiƙa tare da katin sakamako, yana cewa an daina rubuta matsayin ɗalibi a aji, an koma GPA, wato matsakaicin sakamakon dukkan darussa, kuma ƙananan gwaje-gwajen da ake yi ana tsakiyar karatu ba sa shiga makin ƙarshe. Ta sami 4.2. Shin ta yi ƙoƙari, kuma mene ne amfanin gwajin da ba a lissafa shi?

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Ai tara makin darussa ake yi a raba da yawansu, kamar yadda aka saba.

Malam Shehu: Hajiya, rabawa kam ana yi, amma ba makin jarrabawar ake tarawa ba. Idan makarantar ta ɗauki ma'aunin 5 irin na jami'o'inmu, daga 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, 60 zuwa 69 B ne mai 4, 50 zuwa 59 kuma C ne mai 3, sannan kowane darasi yana da nauyinsa. A ce ta ci 72 a Lissafi da 58 a Turanci, kowanne nauyinsa 3, idan aka ninka darajar kowanne da nauyinsa, 15 da 9 ke nan. Ta kuma ci 64 a Kimiyya da 81 a Hausa, kowanne nauyinsa 2, wato 8 da 10. Jimilla 42, a raba da nauyi 10, a sami 4.2. Ka lura, Baban Ummi, da Lissafin nan ya sauka zuwa 69, da ta koma 3.9, alhali ko 95 ta ci a Hausa babu abin da zai ƙaru. Ƙananan gwaje-gwajen kuwa domin gyara ake yin su: malami ya ba da tambayoyi kaɗan bayan darasi, ya gano cewa yara sun rikice a rabawa, ya maimaita tun kafin jarrabawa. Don haka ka nemi littafinta ka duba ko akwai gyaran malami da jan biro, domin idan maki kawai aka rubuta, gwajin bai yi aikinsa ba.

Alhaji Isiyaku: Ni dai ban gamsu da cire matsayi ba. Ɗana ya fi dagewa lokacin da yake gudun kada abokinsa ya wuce shi, yanzu kuwa ko katin ba ya tambaya.

Maman Sadik: To Malam, a makarantar su Sadik gwajin tsakiyar zango yana da maki 40 cikin 100, ta yaya za a ce ba ya shiga?

Malam Shehu: Wannan CA ne, Hajiya, wato makin da ake tarawa a cikin zango kafin jarrabawar ƙarshe, kuma ana lissafa shi. Makarantu da dama suna haɗa biyun a gwaji guda, shi ya sa ya kamata Baban Ummi ya tambayi malamin wane gwaji ake tarawa, wane ne na gyara kawai.

Baban Ummi: Na gode, Malam. Wasiƙar ta ce ma'aunin 5 ne, amma ba ta ambaci nauyin darussa ba. Zan tambaya ranar Litinin idan Allah ya kai mu.