Zan makara awa biyu ranar Alhamis, me zan rubuta wa oga?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani kamfanin leda a Sharada, ni ke kan injin busa leda, wannan satin ina dutin rana, ƙarfe 2 zuwa 10 na dare. Jibi Alhamis zan kai Hajiyarmu ganin likitan suga, ba na jin zan iso kafin 4. Abin da na rubuta wa sufabaiza ban tura ba tukuna shi ne: "Salam oga, zan ɗan makara ranar Alhamis, amma zan tsaya har 12 na dare in rama." Ya isa haka, ko akwai gyara?

Abu Hanifa: Wa alaikumus salam. Ya isa mana. Ka ƙara "ka yi haƙuri" kawai ka tura. Ka ce za ka rama, me kuma ya rage?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ƙanina kar ka tura tukuna. Na daɗe ina riƙe da duti a kamfanin roba, kuma irin wannan saƙon in ya shigo min, ƙarin aiki yake ba ni.

Ka tambayi kanka, daga ƙarfe 2 zuwa 4 wa zai tsaya a kan injin? Kai ka fi ni sanin ba a kashe injin busa leda don mutum ɗaya bai zo ba. In aka kashe robar da ke ciki ta huce, sai an sake jiran ya ɗau zafi, ledar farko kuma da za ta fito yawanci ta lalace sai dai a mai da ita niƙa. Don haka ba za a kashe ba. Mai dutin safe, wanda ya shigo tun ƙarfe 6, shi za a ce ya tsaya. Awa biyun nan daga jikinsa za su fita, ba daga aljihun kamfani ba. Shi ne ya kamata ka biya.

To in ka tsaya har 12 na dare wa ka biya? Ƙarfe 10 mai dutin dare ya iso ya karɓi injinsa. Kai sai dai ka tsaya a gefe kana kallonsa, ko a ce ka je ka taya masu ɗaure kaya. Mai safen da ya yi awa goma bai samu komai ba, oga kuma yana da mutum biyu a kan inji ɗaya. Ga neman abin hawa daga Sharada zuwa Kurna tsakar dare.

Abin da za ka yi, ka fara samun mai dutin safen kafin ka taɓa wayar oga. Ka roƙe shi ya riƙe maka zuwa 4, kai kuma ka zaɓi ranar da za ka zo ƙarfe 12 na rana ka karɓe shi ya tafi da wuri. In ya yarda, a ce sunansa Sani, sai ka rubuta kamar haka:

"Assalamu alaikum oga, barka da aiki. Jibi Alhamis zan kai mahaifiyata asibiti, ba zan samu shigowa ƙarfe 2 ba, zan iso 4 in sha Allah. Na yi magana da Malam Sani, ya amince ya riƙe injin zuwa lokacin. Ni kuma zan karɓe shi ƙarfe 12 ranar Asabar in biya shi awa biyunsa. In ka amince sai a rubuta a rajista a matsayin musanya. In kuma da yadda ka fi so a yi, ka sanar da ni. Na gode."

Ka lura da "in ka amince". Ku biyu ba ku da ikon sauya jadawali, shi ke da shi. Shiri kake kai masa ya sa hannu, ba sanarwa ba.

Ɗan Kurna: Na gode Baba. Amma me ya sa Asabar? Ai Juma'a ta fi kusa.

Baban Khalifa: In ka karɓi inji ƙarfe 12 ranar Juma'a, ina za ka yi sallar Juma'a? Sai dai in kamfaninku na tsayar da aiki lokacin. Kar kuma ka bari ya wuce Asabar, don in jadawalinku sati-sati yake juyawa, ran Litinin lokutan aikinku kai da Sani za su sauya, biyan zai rikice.

Ɗan Gayu: Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. In ka makara ka makara. Kana isa ka ce cunkoso ne a hanya, ka ba da haƙuri, gobe an manta.

Maman Iman: Ɗan Gayu ba ka karanta tambayar ba, ai bai makara ba tukuna, jibi ne. Kuma wane cunkoso ne na awa biyu?

Ɗan Kurna, ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da ya tsaya min shi ne ƙarfe 4 ɗin nan. A ina ka samo shi? Ranar ganin likitan suga sai an ciro kati, an gwada jini da hawan jini, an bi layin likita, sannan layin magani. In likita ya ce a yi wani gwajin, ƙari ne. Bayan nan sai ka mai da Hajiya Kurna, sannan ka ratso gari zuwa Sharada. Ku fita da sassafe, don galibi gwajin sai ba a ci komai ba ake yi, ku riƙe mata abin karyawa a jaka.

Mu a wajenmu abin da ya fi ɓata rai shi ne wadda za ta ce "ina hanya" ƙarfe 2, ta sake cewa "ina hanya" ƙarfe 3, ke kuma kin riga kin rubuta rahoton miƙa aiki, yara na jiranki a gida. Gara ta ce min 5 tun farko in san yadda zan yi. Shawarata ka faɗi lokacin da ka tabbata ba za ka wuce ba, ko da 5 ne. In ka iso da wuri ba wanda zai yi fushi. Sannan ka ƙara layi ɗaya: "Zan sanar da kai halin da ake ciki ƙarfe 1." Ƙarfe 1 kuwa ka tura, ko labari mai daɗi ne ko a'a.

Baban Khalifa: Maganarki gaskiya ce Maman Iman, layin ƙarfe 1 ɗin ya shiga. Amma 5 ta min yawa. Mutumin da ya fara 6 na safe zai yi awa goma sha ɗaya ke nan a gaban inji mai zafi da abin naɗi yana juyawa. Gajiya a wurin nan ita ke cin yatsu. Ni a matsayin sufabaiza in na ga 5, zan fi so a musanya dutin gaba ɗaya, ko ya nemi hutun ranar.

Maman Iman: To ai gara ogan ya ga 5 ɗin ya yanke wannan shawarar tun yau, da a ce masa 4 a zo 5.

Kwamared: Ku bar batun ramuwa ma. Dokar ƙwadago ta hana a yanke wa ma'aikaci ko sisi daga albashinsa. Ka sanar da su kawai, ba abin da za su iya.

Baban Khalifa: Kwamared, rabin maganar ka kawo. Sashe na 5 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya hana mai aiki cin ma'aikaci tara daga albashinsa yadda ya ga dama, wannan haka ne. Amma ƙin biyan awar da mutum bai yi ba wani abu ne daban da tara. Bari mu yi lissafi da misali. A ce albashi naira 78,000 ne, kwanakin aiki 26. Yini ya kama 3,000, awa ɗaya 375, awa biyu 750. In aka cire 750, kuɗin lokacin da ba a yi ba ne. In aka cire 1,500 aka ce rabin yini, ko 3,000 gaba ɗaya alhali mutum ya yi awa shida, a nan ne maganarka take da ƙarfi. Kuma ko ba a taɓa kuɗi ba, ana iya ba shi takardar tuhuma ta shiga fayil ɗinsa. Amfanin rubutaccen saƙon ke nan: in ƙarshen wata ya ga an cire, yana da amincewar oga a waya.

Tunda an taɓo doka, Ɗan Kurna kar ka ce za ka rama da lokacin hutunka. Sashe na 13 ya ce wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a yini a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Sufabaizan da ya san aikinsa ba zai sa hannu a kan haka ba.

Hajiya Mai Shago: Ɗana, ni ina ganin babba ba a tura masa saƙo haka kawai. Ka same shi ido da ido gobe ka gaishe shi ka faɗa masa. Kuma ka bayyana masa ciwon Hajiyar sosai, zai fi tausayawa.

Maman Iman: Ya same shi ɗin yana da kyau Hajiya, amma ya bi da saƙon bayan nan, baki ba ya zama shaida. Batun ciwon kuwa ban yarda ba. "Zan kai mahaifiyata asibiti" ya wadatar. Lalurarta sirrinta ne.

Baban Khalifa: Ɗaya ya rage. In kuna dangwala yatsa a ƙofa, na'urar ba ta san kun yi musanya ba. Za ta nuna kai ka makara awa biyu, Sani kuma ya yi obataim awa biyu ran Alhamis, ran Asabar ta nuna ya gudu da wuri. Masu lissafin albashi abin da suka gani za su bi. Shi ya sa na sa maganar rajista a saƙon. Ka tabbata oga ya kai wa ofis, kar ya tsaya a "ba komai" na baki.

Ɗan Kurna: Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Na kira mai dutin safen, ya yarda ya tsaya zuwa 4 da rabi, ya ce ba zai iya wuce haka ba don yana ɗauko yara daga Islamiyya. Na tura saƙon cewa zan iso 4 da rabi, na ce zan karɓe shi 11 da rabi ran Asabar, na sa layin ƙarfe 1. Oga ya amsa: "Ba matsala, amma in ka wuce lokacin fa?" Me zan ce masa?

Maman Iman: Kana da ƙani ko ƙanwa da za su iya zuwa asibitin su mai da Hajiya gida? In akwai, ka ce masa ƙarfe 3 za ka baro asibiti ko an gama ko ba a gama ba.

Baban Khalifa: In babu, ka tambayi ogan ko akwai wani ofareta da ke hutu ran Alhamis wanda za a iya kira. Ya fi ka sanin wa ke nan.