Ƙaiƙayin dare ya dawo wa 'yata, gwajin kashi kuma bai nuna komai ba

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Yarinyata 'yar shekara 5 ba ta barci, dare na yi sai kuka da susar dubura har wajen ya yi ja. A cikin birnin Zariya muke, gidan gado ne mai sasa huɗu, da Hajiya mahaifiyar maigida da faccalolina biyu. Shekarata bakwai a gidan ban taɓa sa-in-sa da kowa ba sai bara da aka yi magana a kan igiyar shanya, daga nan na kama kaina. Ni ke wanke makewayi kusan kullum, ba mai ce mini sannu. To wancan watan na haska tocila cikin dare na ga wani farin abu siriri kamar zaren ɗinki yana motsi a wajen. Na sayo maganin tsutsa a kemis na ba ta, ta samu sauƙi, yau sati biyar abin ya dawo. Mun kai kashinta gwaji an ce ba komai. Ya zan yi?

Hajiya Tudun Wada: Ɗankanoma ne 'yar nan, zaƙi ya yi mata yawa. Ki hana ta alawa da lemon roba, ki riƙa zaunar da ita a ruwan ɗumi. 'Ya'ya tara na raina, ba asibitin da na je a kan wannan.

Anti Samaru: Hajiya ki yi haƙuri, ruwan ɗumi zai rage mata zafi, amma abin da ke motsi ba zaƙi ba ne. Maman Ummi, aikina ke nan a ɗakin gwaji. Abin da kika gani macen tsutsa ce, tsawonta kamar santimita ɗaya ne. A babban hanji take zaune, amma ba a cikin kashi take zuba ƙwai ba. Sai yaro ya yi barci take rarrafowa waje ta manna ƙwanta a fatar da ke kewaye da dubura, wajen dubu goma, da wani abu mai yauƙi da ke sa ƙaiƙayi. Shi ya sa gwajin kashi bai nuna ba, da wuya ya nuna, ba laifin masu gwajin ba ne. Cikin awa 4 zuwa 6 ƙwan ya ƙosa, zai iya kama mutum. Ta sosa, ya shige ƙarƙashin farce, da safe ta sa hannu a koko da ƙosai, ya koma ciki. Daga haɗiye ƙwai zuwa tsutsar ta girma ta fara nata ƙwan kamar wata ɗaya ne ko fiye kaɗan. Ki lissafa da sati biyar ɗinki. Maganin ya kashe tsutsotsin da ke ciki ranar da ta sha, amma ba ya kashe ƙwai. Wanda ke zanin gado da farcenta ta sake haɗiya, yanzu ne suka girma. Sau nawa kika ba ta? Kuma da wa take kwana?

Maman Ummi: Sau ɗaya, haka mai kemis ya ce. A ɗakin Hajiya take kwana da sauran jikoki, su biyar. Amma Anti ni wallahi ba ƙazama ba ce, kullum sai na yi mata wanka sau biyu.

Maman Twins: Ai masu gwajin nan sai a hankali. Ni ma na kai jinin ɗana wani wuri a Sabon Gari, suka karɓi kuɗi suka ce taifot, na je wani wurin aka ce ba shi da ita. Har yau ban huce ba. Ki sake kai kashin wani wurin kawai.

Anti Samaru: Ko wuri goma ta kai kashi abu ɗaya za a faɗa mata. Gwajin salatif ake yi. Ki je ɗakin gwaji, ko na asibitin Shika ko wanda ya fi miki kusa, ki ce su ba ki ɗan gilashin da ake ɗorawa a madubin likita guda uku. Ki nemi salatif garai-garai wanda ake hango abu ta cikinsa, ban da mai duhu. Da asuba tana farkawa, kafin ta hau fo, kafin tsarki ko wanka, ki yanko kamar tsawon yatsa, ki danna gefen mai danƙon a fatar bakin duburar dama da hagu, ba a ciki ba. Ki shimfiɗa shi a kan gilashin ya kwanta ba kumfa, ki sa a leda ki ɗaure, ki wanke hannu da sabulu. Kwana uku a jere, domin ba kullum macen ke fitowa ba, na rana ɗaya yana iya kuskurewa. Inda mata ke ɓata shi shi ne su yi wa yaro tsarki tukuna don kunyar ma'aikata, ko su shafa basilin da dare, sai ƙwan ya ƙi kama salatif. Amma ke da kika ga tsutsar da idonki, likita zai iya rubuta magani ko ba gwajin.

Baban Khalifa: A ba ta maganin duk wata uku an gama. Kuma in akwai kyanwa ko awaki a gidan a raba yara da su.

Anti Samaru: Malam, wannan tsutsar ta mutum ce kaɗai, dabbobi ba sa ɗaukarta. Wata uku kuma ya yi nisa. Mebendazol miligiram 100 ko albendazol miligiram 400 ake sha sau ɗaya, a maimaita bayan sati biyu, don a kama waɗanda suka ƙyanƙyashe kafin su isa yin ƙwai. Kuma duk gidan ne rana ɗaya, har Hajiya, har wanda ba ya susa. Da yawa suna ɗauke da ita ba alama. Ƙwan yana kai sati biyu zuwa uku da rai a bargo, tabarma, buta da hannun ƙofa. Yara biyar a shimfiɗa ɗaya suna ci a kwano ɗaya, in Ummi kaɗai aka yi wa magani, a daren za ta sake kwasa. Ranar shan maganin a wanke zannuwan gado da wandunan kwana da ruwan zafi, a shanya a rana, kada a kakkaɓe su a ɗaki domin ƙwan yana tashi da ƙura. A yanke farce, wanka da safe ya fi na dare amfani a nan. Mai ciki da yaron da bai kai shekara 2 ba su ga likita tukuna.

Maman Ummi: To ni ma ina da ƙaramin ciki wata biyu, ban faɗa wa kowa a gidan ba. Kuma ta ina zan fara ce wa Hajiya ta sha maganin tsutsa? Faccalata za ta ce 'yata ce ta kawo musu cuta. Ni dai zan dawo da Ummi ɗakina in ba ta sau biyun.

Anti Samaru: Ke kada ki sha komai sai kin je awo kin faɗa musu, a watanni ukun farko ba a so. Dawo da ita ɗakinki zai rage, amma da rana tare suke wasa, tare suke zuwa Islamiyya. Ki bar maigida ya yi maganar da mahaifiyarsa.

Hajiya Tudun Wada: Ni dai in surukata ta miƙo mini maganin tsutsa ba zan sha ba. A hana yarinya zaƙi.

Maman Twins: Gidan yawa ke nan. Ni sai da na tashi daga namu na san barci.

Maman Ummi: Maigida yana Kaduna sai Juma'a, kuma shi ba ya shiga maganar mata. Anti, in na ba 'ya'yan faccalata ɗaya da muke ɗan shiri, na bar na ɗayar, zai yi?