Rahoton likita bayan hatsarin mota: raba abin da aka gani da abin da ake zato

A tattaunawar da wasu likitoci da lauyoyi suka yi a Gombe, an fi tsayawa kan kuskure ɗaya: likita ya rubuta labarin majinyaci kamar shi ya gani da idonsa.

Misalin da aka kawo na ɗan acaɓa ne da aka kwaso daga hanyar Bauchi. Kada a rubuta "mota ta buge shi". A rubuta "ya ce mota ta buge shi", domin likita ba ya wurin. Sai abin da aka gani, da rana da lokacin dubawa: yanka mai tsawon santimita 6 a goshi ta hagu, an yi ɗinki 5, hoton ƙashi ya nuna karaya a ƙwaurin dama. Sauya dama da hagu kaɗai ya isa lauya ya rusa rahoton a kotu.

Ra'ayi kuwa a ware masa sashensa a ƙarshe: "A ganina, raunukan sun yi daidai da bugun abu mai ƙarfi." Wa ke da laifi, wannan na alƙali ne. Masu inshora kan matsa a faɗi yawan nakasa, amma likitocin suka ce a dakata sai ƙashi ya haɗe an sake dubawa.