Kuɗin cizo a ɗakin haya, an ce in sa bom in rufe ƙofa

Baban Sadiya, Badariya: Assalamu alaikum. Kuɗin cizo ya addabe mu a ciki da falon da muke haya a Birnin Kebbi, kuma muna da jaririya 'yar wata huɗu, ga mahaifiyata mai fama da asma. Mai maganin ƙwari a kasuwa ya ce in sa ƙwayar bom biyu a ƙarƙashin gado in rufe ɗakin kwana ɗaya. Ina neman shawara kan yadda zan shirya ɗakin, da tsawon lokacin da za mu jira kafin mu koma, ko kuwa masu feshi zan kira?

Alhaji Mai Hatsi, Jega: Wa alaikumus salam. Bom yana aiki, domin da shi muke tsare wake da masara a sito, kuma babu ƙwaron da yake tsira daga gare shi. Sai dai kwana ɗaya ya yi kaɗan, mu mako guda muke barin sito a rufe. Ka kai iyali gidan 'yan'uwa, ka toshe taga da ƙasan ƙofa da tsumma, in ka dawo ka buɗe ya sha iska.

Malam Dubagari, Birnin Kebbi: Alhaji, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka ce cewa kwana ɗaya ba ya isar bom ya gama aikinsa, amma a nan ne hatsarin yake, kuma ina roƙon Baban Sadiya kada ya shigar da wannan ƙwaya gidan da mutane ke kwana ko da guda ɗaya ce. Ƙwayar tana jan laimar da ke cikin iska ne ta riƙa sakin iskar guba mai suna fosfin a hankali har tsawon kwanaki, saboda haka wanda ya buɗe ɗaki washegari ya shimfiɗa tabarma, ya kwanta ne alhali ƙwayar ba ta gama fitar da gubarta ba. Sitonka, Alhaji, babu mai kwana a cikinsa ko a jikinsa. Gidan haya kuwa ɗakuna ne a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, galibi bangon da ya raba su bai kai har kwano ba, sai silin kawai, kuma iskar tana bi ta saman silin da ramukan wayar lantarki ta sauka ɗakin maƙwabci wanda bai san an sa komai ba. Tsumma ba ya tare ta. Alamominta na farko amai ne da ciwon ciki da nauyin ƙirji, shi ya sa akan ɗauka abinci ne ya ɓata wa mutane ciki har lokaci ya ƙure, kuma babu allurar da ke karya wannan guba, sai dai likitoci su tallafi numfashi da zuciya.

Fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalaben da ba su da takarda ma ka bar shi. Sinadarin da ke cikinsa galibi shi ne wanda ake rubutawa DDVP a jikin magungunan gona, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin waɗannan magunguna na gona barkatai a kasuwanni da kantuna, ta kuma gargaɗi jama'a kan amfani da su a cikin gida. Nemi maganin da takardarsa ta nuna an yi shi don cikin gida, mai lambar rajistar NAFDAC, wanda aka ambaci kuɗin cizo a jerin ƙwarin da yake kashewa.

Mafi yawan aikin kuwa kafin feshi ake yin sa. Ka kwashe zannuwan gado da rigunan filo da labule da tufafin da ke kusa da gado, ka ɗaure su a manyan ledoji tun a cikin ɗakin, domin idan ka ɗauke su a buɗe za ka yi ta zubar da ƙwarin a falo da tsakar gida. Zafi yana kashe uwa da ƙwai gaba ɗaya idan ya kai digiri 60, don haka a tafasa ruwa a jiƙa kayan da za su jure, sauran kuma a bi ɗinkinsu da dutsen guga. Daga nan ka kwance gadon katakon gaba ɗaya, kada ka tsaya ga ɗaga katifa. Ka duba inda katako ya shiga cikin katako, da kan ƙusoshi, da bayan allon kai, za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe na kashinsu, da ɓawon da suka saɓa, da ƙwai farare ƙanana a manne. Nan ne gidansu, nan ne kuma magani zai shiga. Ka fitar da abinci da randar ruwa da kwanuka da kayan jaririya da magungunan Hajiya, ka kashe fanka, kada a bar risho ko garwashin turare a kunne.

Wajen feshin, ka sa riga mai dogon hannu da safar roba, ka haɗa maganin daidai da awon da ke kan takarda ba tare da ƙari ba, ka fara daga kusurwar da ta fi nisa kana ja da baya zuwa ƙofa. Tsagogin bango da gindinsa da gaɓoɓin gado ake bi. Ba a jiƙa saman katifar da za a kwanta a kai, ba a fesa wa gidan sauro, ba a kuma fesa ruwa cikin soket.

Maman Khalifa, Argungu: Ni dai ban taɓa sayen magani ba. A watan Afrilu na fitar da katifa da kayan sawa na shanya su a rana tun hantsi har la'asar, na zuba tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, na shafa kananzir a ƙafafunsa, kuma mun samu sauƙi sosai. Da ranar Kebbi a hannunmu, ban ga abin da zai sa mai jaririya ya kawo guba ɗaki ba.

Malam Dubagari, Birnin Kebbi: Hajiya, ruwan zafin nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Rana kuma tana taimakawa ga tufafi idan an sa su kaɗan-kaɗan a baƙar leda an ɗaure an ajiye a kan siminti, amma katifa mai kauri samanta ne kawai yake ɗaukar zafi, ƙwarin sai su gangara ƙasa inda yake da sanyi su jira yamma. Kananzir kuwa a bar shi, saboda gobara da kuma ƙirjin mai asma.

Baban Sadiya, game da lokacin jira, abin da takardar maganin ta faɗa shi ne gaba da maganata. Ga irin maganin da ake haɗawa da ruwa, ƙa'idar da muke bi ita ce kowa ya fita har sai feshin ya bushe sarai, wanda yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu, ya kuma fi haka da damina. Bayan nan babba ɗaya ya shiga ya buɗe taga da ƙofa ya fito nan take, a bar iska ta ratsa aƙalla awa ɗaya ko biyu. Idan taga ɗaya ce a ɗakin, kamar yadda yawancin ɗakunan haya suke, a tsayar da fanka a bakin ƙofa tana fuskantar waje don ta jawo iskar ciki, domin fankar sama juya iskar kawai take yi a wuri ɗaya. Saboda haka ka yi feshin da safe, misali ƙarfe takwas, ka buɗe da azahar, ka bar shi a buɗe har magariba. Jaririya da mahaifiyarta da Hajiya su kwana a wani gida, su dawo washegari bayan an goge tsakiyar ɗaki da duk inda hannu ke taɓawa da ruwan sabulu. Gindin bango kada a wanke shi, maganin da ya bushe a nan ne zai ci gaba da aiki. Kada kuma ka auna da hanci, don wanda ya daɗe cikin wari yakan daina jin sa.

Abin da ke sa mutane su ce magani jabu ne shi ne ƙwai. Feshi ba ya cika kashe su, kuma suna ƙyanƙyashewa cikin kwana shida zuwa goma, don haka dole a maimaita aikin bayan kwana goma zuwa mako biyu. Tsakanin nan ka janye gado daga bango, kada zanin gado ya taɓa ƙasa, ka shimfiɗa fari domin ka riƙa ganin sabon ɗigon jini ko na kashi.

Abban Yusra, Yauri: Mu a nan bakin ruwa maganin gwangwani muke fesawa da magariba, mu rufe ɗaki minti ashirin, mu buɗe, kafin isha'i an shiga an kwanta. Ban ga dalilin kwana a wani gida ba.

Anti Nas, Birnin Kebbi: Abban Yusra, wannan na sauro ne mai yawo a iska, kuɗin cizo kuwa yana cikin tsaga inda feshin sama ba ya kaiwa. Ni abin da zan ƙara daga ɓangaren asibiti shi ne, idan bayan an koma ɗaki aka ga yaro yana dalalar da miyau, yana gumi da hawaye, tsakiyar idonsa ta tsuke, ko numfashinsa yana ƙara, a fitar da shi iska, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da sabulu, a wuce Asibitin Sir Yahaya ko mafi kusa tare da kwalbar maganin. Don Allah kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai, yana iya shaƙewa abin ya gangara huhu.

Baban Sadiya, Badariya: Na gode ƙwarai, na fasa sayen bom. Na kwance gadon na ga abin da Malam ya kwatanta, amma na kuma ga suna fitowa daga gefen silin, kuma maƙwabcina na dama ya ce su ma suna fama, na hagu kuwa ya ce babu komai a ɗakinsa kuma ba zai ba da ko sisi ba.

Malam Dubagari, Birnin Kebbi: To, wannan ya wuce aikin mutum ɗaya. Idan suna silin kuma sun shiga ɗaki fiye da ɗaya, ko an yi feshi sau biyu yadda ya kamata ba su ƙare ba, lokacin kiran masu sana'ar ya yi, musamman da yake kuɗin cizo a wurare da yawa ya daina jin magungunan da aka saba. Ka je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ka tambayi dubagari su nuna maka masu lasisi. Wanda ya zo, ya fara duba ɗakunan kafin ya yanke kuɗi, ya nuna maka kwalbar maganin da takardarta, ya faɗa maka awannin jira bayan ka sanar da shi akwai jaririya da mai asma, kuma zuwa na biyu ya kasance cikin cinikin. Wanda ya zo da haɗi a jarka ya ce sirrin sana'a ne, ko ya fito da bom, ka sallame shi. Maganar maƙwabci kuwa mai gida ya kamata ya shiga, tun da ginin nasa ne.

Alhaji Mai Hatsi, Jega: Na ji bayanin silin, kuma na janye maganata a kan gidan haya. Amma Malam, mai gidan da ke zaune a Sakkwato yana jiran kuɗin shekara, ban ga yadda zai biya feshin ɗaki shida ba. Ni da zan ba da shawara, waɗanda suka yarda su haɗa kuɗi a yi nasu rana ɗaya, a liƙe gefen silin da ramukan waya ta ɓangaren wanda ya ƙi.

Malam Dubagari, Birnin Kebbi: Liƙewar za ta rage, amma muddin akwai su a ɗakin na hagu za su iya dawowa. Baban Sadiya, ka fara roƙonsa ya bari a ɗaga katifarsa a duba kawai, ba tare da an yi maganar kuɗi ba tukuna.