Shafin rigar amarya ya narke, yaya zan fitar da tabon man farce?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗinki. Ni tela ce a unguwar Birni, nan Damagaram. An kawo mini rigar amarya, man farce ja ya ɗiga a shafinta na ciki. Mai rigar ta riga ta goga ruwan cire farce a gefe ɗaya, wurin ya yi danƙo, ya bushe ƙamas, har ya huje. Takardar wuyan rigar "acetate" ta ce.

Abin da na sani, zaren asitet daga ɓargon itace ake yinsa, a narkar da shi cikin asiton sannan a ja zare, to ruwan cire farce kuwa galibi asiton ne, shi ya sa yake mayar da yadin ruwa. Turare mai barasa da dutsen guga mai zafi ma suna ɓata shi, ga ruwan Jabel.

To saura tabo biyu a hannu. Na ɗiɗɗiga ruwan sabulu mai sanyi, ko gezau. Ruwan cire farcen da aka rubuta "sans acétone" zai yi? Na ji tsoro, don yawancinsu etil asitet ne a ciki, shi ma yana tausasa yadin. Ko in farke shafin kawai in sa sabo? Biki ranar Asabar ne.