Jinga ko biyan abin da aka kashe: shawara kan bencinan makaranta

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Kwamitin makarantarmu da ke Mabera zai sayi benci 200 na ƙarfe da katako. Mai walda ya ce ko mu yi jinga a kan naira 45,000 kowane ɗaya, wato miliyan 9, ko mu biya abin da ya kashe bisa rasit, mu ƙara masa kashi 15 cikin ɗari. Ya ƙiyasta kaya da aiki a miliyan 7.5. Wanne ya fi?

Alhaji Bello: Ku yi jinga ku huta, domin tsayayyen farashi ba ya cutar mai saye.

Hajiya Luba: Alhaji, yana cutarwa. Mun yi jingar tagogi da ƙofofi a 2023, kafin a cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuma da ƙarfe ya tashi mutumin bai nemi ƙari ba, sai ya koma sayen bututu mara kauri ya lulluɓe shi da fenti. Ba mu gane ba sai da damina ta wuce, walda ta fara ɓallewa. Takardarmu ta faɗi kuɗi da adadi, amma ba ta faɗi kaurin ƙarfe ba, saboda haka ba mu da abin kamawa.

Injiniya Sani: Malam Nasiru, ku duba lissafin. Kashi 15 a kan miliyan 7.5 ya kai ku miliyan 8.625, rangwamen bai wuce 375,000 ba. Da zarar abin da ya kashe ya haura miliyan 7.83, jinga ta fi araha. Sannan ladan kaso yana ƙaruwa da tsadar kaya, don haka ba shi da dalilin taya ƙarfe da kyau a kasuwa. Benci abu ne da aka san siffarsa, jinga ta dace da shi, muddin kun rubuta kaurin bututu da irin katako, kuka ajiye samfuri guda da kowa ya amince da shi, kuka ba da kafin alƙalami domin ya sayi ƙarfen gaba ɗaya tun yanzu. Biyan abin da aka kashe ya fi dacewa da aikin da ba a san iyakarsa ba, kamar gyaran tsohon rufi, kuma ko a nan a yanke lada tsayayye, a sa iyakar kuɗin da ba za a haura ba.

Malam Umaru: Ni ma na fi son a biya shi kashi-kashi.

Injiniya Sani: Malam Umaru, wannan batun lokacin biya ne, ana yinsa a kowanne cikin biyun.

Malam Kabiru: Akwai kuma batun shari'a. Shin cinikin da ba a san farashinsa ba lokacin ƙullawa ya inganta? Ya kamata a tambayi malamai.

Hajiya Luba: Injiniya, idan ya karɓi kafin alƙalamin ya zuba a wani aikin fa, wa zai tsaya masa?