Sanyi ya ƙi barina, ga ƙishirwa ba dare ba rana

Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Shekarata 34, yarana uku. Kusan duk wata sai ƙaiƙayin gaba ya dawo min da farin abu mai kauri kamar awara, ba wari. In na yi matsin da ake ba ni a kemis ya lafa, sai ya dawo. Ga ƙishirwa, ruwa ba ya isata, dare kuma fitsari ya hana ni barci.

Maman Ilham: Wa alaikis salam. Sanyi ne ya kama ki sosai. Ki dafa bagaruwa ki riƙa zama a ciki, maigida ma ya sha magani, in ba haka ba shi zai riƙa mayar miki.

Anti Nas: Ƙanwata, ƙishirwar nan ta fi ƙaiƙayin damuna. Gobe ki je a gwada miki suga. Idan suga ya yi yawa a jini, ƙoda kan zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwan jiki ya fita da shi, shi ya sa ake yawan fitsari, maƙogwaro ya bushe. Ƙwayar da ke kawo wannan ƙaiƙayin kuwa suga ne abincinta, matsi zai kwantar da ita amma za ta dawo.

Ki ci abincin dare, daga nan ruwa kawai har awa 8, da safe a ɗauki jini. Idan ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, ko 7.0 a mmol/L, alamar ciwon suga ce, likita zai tabbatar. Idan kin riga kin ci abinci, 200 ko sama a mg/dL tare da irin alamunki ya isa. Ki nemi a ɗebi ruwan gaban ma a duba, don ba kowane ƙaiƙayi ne wannan ba. Bagaruwar kuma a bar ta, fatar da ta riga ta yi ja ƙara fusata take.

Ummu Sadik: Ni fa ina ga zafin gari ne, kowa ruwa yake ɗirka yanzu.

Anti Nas: Zafi kan rage fitsari ne saboda gumi. Ita nata ƙaruwa ya yi.

Hajiya Babba: 'Yata, ki ji maganar nas. Haka na yi ta fama, ina shan maganin sanyi kala-kala, ina ramewa, har na fara gani dishi-dishi. Ranar da aka gwada, 280 aka samu. Tunda sugan ya sauka ƙaiƙayin bai sake dawowa ba. Akwai mai suga a gidanku?

Mai tambaya: Mahaifiyata na da shi, Hajiya. Autana ma ya haura kilo 4 da aka haife shi.

Anti Nas: To kada ki wuce gobe, ki faɗa wa likita duka biyun. In kina zargin ciki, kada ki sha fulukonazol, maganin sha da ake bayarwa don irin wannan ƙaiƙayin. In kuma amai, ciwon ciki ko numfashi sama-sama suka zo, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Maman Ilham: Allah ya ba da lafiya. Amma ni dai har yanzu ina ganin a haɗa da maigidan.